Yadda ake rubuta umarnin hoton gwaji na leda, kwali da sitika a kan kantar shago

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yi wa ƙananan kamfanoni zanen kwali, leda da sitika, kuma ina so in riƙa nuna musu yadda kayansu za su fito a kan kantar shago kafin a kai maɗaba'a. Na gwada manhajojin AI masu ƙirƙirar hoto, amma rubutun yana fitowa a hargitse, ledar ta canza siffa, wani lokaci ma kamar tana shawagi a iska. Yanzu haka ina da aikin ledar garin kofi mai giram 250. Yaya zan rubuta umarnin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu na farko da zai gyara maka aikin shi ne ka raba shi biyu. Manhajar ƙirƙirar hoto ta yi maka kanta, haske, inuwa da leda wadda babu rubutu a jikinta ko kaɗan. Zanen naka na gaskiya kuma kai ne za ka ɗora shi da hannunka daga baya. Duk umarnin da ya nemi manhaja ta yi waɗannan ayyuka biyu a lokaci guda zai iya ba ka hoto mai ɗaukar ido, amma ba zai ba ka hoton da mai kaya zai dogara da shi ya ce a buga ba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa rubutu ke lalacewa, domin in ka fahimce shi ba za ka ƙara ɓata lokaci kana sauya kalmomi ba. Ɗauki hoto mai faɗin fiksel 1024 da tsawo 1280. A ce ledar ta cinye kashi 60 cikin 100 na tsawon hoton, wato fiksel 768. In tsawonta bayan an cika ta santimita 22 ne, kowace santimita ta samu fiksel 35 ke nan. Harafin jerin sinadarai ko na nauyin kaya, wanda tsayinsa bai wuce milimita 2 ba, zai samu fiksel 7 kacal. Su kuwa manhajoji irin su Stable Diffusion ba a kan fiksel ɗin kai tsaye suke zane ba. Suna aiki ne a kan wani ƙanƙantaccen siffar hoton da aka matse sau 8 ta kowane gefe, sai a ƙarshe a buɗe shi. Ka ga harafin nan bai ma cika gurbi ɗaya ba a wurin da ake zanen. Abin da manhajar za ta iya yi kawai shi ne ta zana wani abu mai kama da rubutu daga nesa. Sababbin manhajoji sun ƙware wajen rubuta kalma biyu ko uku da manyan haruffa, wannan gaskiya ne, amma salon harafin da za su zaɓa ba naka ba ne, tazarar haruffan ba taka ba ce, kuma haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ, ɗ da ɓ sukan koma k, d da b ko su zama wata alama dabam. Hatta waɗanda ke karɓar hoton zanenka ka ce su manna shi a jikin leda, sake zana shi suke yi. Tambarin zai yi kama da naka, amma in ka zuƙo hoton za ka ga gefensa ya sauya, ƙananan rubutun kuma sun narke.

To, yanzu ga umarnin ledar da babu komai a jikinta. Ka rubuta shi kamar kana kwatanta wa mai ɗaukar hoto abin da zai tarar a gabansa: wane irin mazubi ne, da me aka yi shi, a ina yake zaune, daga ina kyamara ke kallonsa, daga ina haske ke zuwa, me ke kusa da shi. Yawancin manhajojin sun fi gane Turanci saboda da shi aka fi horar da su, shi ya sa ake rubuta umarnin da shi. Ga wanda ya dace da aikinka, a tsarin manhajar Midjourney:

```
photograph of one blank white matte stand-up pouch on a supermarket shelf,
filled, zipper line, tear notches, rounded bottom gusset, slight creases,
front view, camera level with the pouch, 85mm lens, f/5.6,
metal shelf, dark grey back panel, empty price rail,
soft overhead light 4000K, contact shadow under the pouch,
blurred unbranded packs on both sides
--ar 4:5 --style raw --stylize 50 --no text, logo, barcode
```

Kowace gaɓa a ciki tana toshe wata ɓaraka ce, don haka mu bi su.

Layi biyu na farko su ne ke tsayar da siffar ledar. In ka rubuta `pouch` ko `bag` kawai, manhajar tana da 'yancin ba ka kowace irin leda: mai kwanciya kamar matashi, mai murabba'in gindi, mai ninki a gefe, ko wata haɗaka da babu injin da ke yin irinta. Ledar da ke tsayuwa da kanta tana da sassa sanannu, kuma ambaton su shi ne ke jan manhajar zuwa ga siffar gaskiya. Akwai ninkin gindi da ke buɗewa ya zama mazauninta, akwai layin zif da ke ƙasa da baki da kamar santimita 3, akwai 'yan tsage biyu a gefe inda ake yagewa, akwai kuma liƙin gefe mai faɗin milimita 6 zuwa 10. Ledar kofi sau da yawa tana da wani ɗan zagayayyen bawul mai fitar da iska. In taka tana da shi, ƙara `degassing valve`, amma ka sani manhajar za ta ajiye shi inda ta ga dama, galibi a daidai inda tambarinka zai zauna. Ni shawarata ka bar shi a waje, ka ƙara shi daga baya a gurbinsa na gaskiya. Kalmar `filled` tana da amfani sosai, domin ba tare da ita ba ledar kan fito a shafe kamar ba a zuba komai ba. `slight creases` kuma ita ke ba ka 'yan tamoji, waɗanda su ne za su sa zanenka ya zauna a jikin ledar maimakon ya zama kamar an liƙa takarda a kan hoto.

Ka lura na ce fara, mara ƙyalli, ko da ledar taka baƙa ce ko ja. Dalili shi ne a kan farin jiki ne inuwa da tamoji ke fitowa sarai, kuma su za ka ara ka ɗora a kan zanenka. Amma farar leda a gaban farin bango tana da wuyar yankewa, gefenta yakan ɓace. Shi ya sa na sa bangon bayan kantar ya zama toka-toka mai duhu. Ka kuma duba kada farin ya ƙone, wato ya yi haske har tamojin su ɓace. In haka ta faru, sauya `white` zuwa `light grey`.

Layi na uku na kyamara ne, kuma a nan ne mutane da yawa ke jawo wa kansu wahala. In ba ka faɗi komai ba, manhajar takan zaɓi kallo daga sama kaɗan ko daga kusurwa, da gilashi mai faɗin gani, domin irin wannan ya fi burgewa. Gilashi mai faɗin gani yana kumbura abin da ke kusa, ya karkata layukan tsaye, har kwali ya zama kamar samansa ya fi gindinsa faɗi. Gilashin milimita 85 yana daidaita layuka, kuma kyamarar da ke daidai da tsakiyar ledar tana ba ka fuskarta a miƙe, wadda ita ce mafi sauƙin ɗora zane. Kada ka ɗauka manhajar tana lissafin waɗannan lambobi kamar kyamarar gaske. Abin da take yi shi ne ta tuna irin hotunan da aka saba rubuta wa waɗannan lambobi. Duk da haka suna tasiri. `f/5.6` yakan bar ledar duka a fili, bayanta ya ɗan dushe. In ka sa `f/1.8` ko ka rubuta `bokeh`, gefen ledar kansa zai dushe, sai zanenka mai kaifi ya kasa haɗuwa da shi.

Sai kantar. Matsalar shawagi da ka ambata daga wuri biyu take tasowa. Na farko rashin inuwar taɓawa, wato siririyar inuwa mai duhu da ke daidai inda gindin leda ya haɗu da kanta. Ido ba ya yarda abu yana zaune sai ya ga wannan layi, ko da akwai wata doguwar inuwa a gefe. Na biyu shi ne saɓanin kusurwa: an zana kantar kamar ana kallonta daga sama, ledar kuma kamar ana kallonta daga gaba. Gane wannan ba shi da wuya. In kana ganin saman kantar da faɗi sosai, dole gindin ledar ya fito a lanƙwashe kamar baka. In gindin a miƙe yake sambal alhali kantar a buɗe take, hoton ya saɓa wa kansa, kuma babu inuwar da za ta gyara shi. Ka bar shi ka sake wani.

Layin farashi da ke gaban kanta yana da aiki biyu. Shi ne ke sa mai kallo ya gane nan take cewa shago ne, ba kantar ɗaki ba. Shi ne kuma ma'auninka. A manyan shaguna tsayinsa yakan kai santimita 3 zuwa 4. Ledarka mai santimita 22 ya kamata ta ninka shi kamar sau 6 ko 7. In ka auna ka ga ta ninka shi sau 12, manhajar ta ba ka ledar da ta kai girman ƙaramin buhu, kuma mai kaya zai yi zaton kayansa za su mamaye kanta fiye da yadda za su yi. Na ce `empty` ne domin in ba ka faɗi haka ba, manhajar za ta cika layin da lambobin ƙarya da alamar kuɗin wata ƙasa.

Haske ba ya buƙatar dogon bayani. Hasken shago daga sama yake zuwa, a bazu, launinsa tsakanin fari da ɗan rawaya, wajen 3500 zuwa 4000 a ma'aunin Kelbin. Saman leda yakan fi haske, ƙasanta ya ɗan yi duhu, kantar da ke sama kuma ta jefa inuwa a bango. Ka guji `cinematic`, `dramatic lighting` da `golden hour`. Suna ba da hoto mai kyan gani, amma suna rina komai da ruwan lemo ko shuɗi, sai launin zanenka ya zama ƙarya. Haka nan tarin kalmomi irin su `8k`, `masterpiece` da `ultra detailed` ba sa ƙara komai a wannan aiki, illa su sa ledar ta yi santsin roba irin na zanen kwamfuta.

Maƙwabtan ledar suna da haɗari na musamman. Da zarar ka ambaci kantar kofi a babban shago, manhajar za ta kewaye kayanka da abubuwa masu kama da sanannun kamfanoni, da launinsu da rabin tambarinsu. Irin wannan hoto bai kamata ya fita talla ba, domin yana iya jawo rikicin alamar kasuwanci, kuma yana nuna kamar kayan suna wani shago da ba su shiga ba. `unbranded` da `blurred` suna rage wannan, amma sai ka zuƙo ka duba kowane gefe, ka shafe duk abin da ya yi kama da tambarin wani. In kuwa abin da mai kaya ke son gani shi ne ko kayansa za su fito a tsakanin abokan gasarsa na gaske, wannan aiki ne dabam: a ɗauki hoton kantar gaske da izinin mai shago, a saka ledar a ciki, a bar hoton a matsayin na duba na cikin gida.

Layin ƙarshe saituna ne. `--ar 4:5` yana tsayar da faɗi da tsawon hoton. `--style raw`, wanda a sabon zubi ake rubuta shi `--raw`, yana rage kwalliyar da manhajar ke ƙarawa da kanta. `--stylize` yana tafiya daga 0 zuwa 1000, asalinsa 100, kuma saukar da shi zuwa 50 yana sa ta fi bin maganarka. `--no` shi ne wurin jera abin da ba ka so. A Stable Diffusion akwai akwatin `Negative prompt` mai irin wannan aiki. Amma in manhajarka ba ta da irin wannan wuri, kada ka rubuta `no text` a cikin umarnin kansa, domin ambaton kalmar yakan jawo abin da kake gudu. Faɗi abin da kake so: `blank`, `plain`, `unprinted`.

Idan hotuna sun fito, kada ka zaɓi wanda ya fi kyau tukuna, fara da awo. A takardar maɗaba'a wataƙila an rubuta faɗin ledar santimita 16, tsawo 23, ninkin gindi 9. Wannan awon ledar da ke shimfiɗe ne. In an cika ta, cikinta ya turo gaba, faɗi da tsawon da ido ke gani duk sukan ragu. Don haka ka samu samfur ɗaya, ka cika shi, ka tsayar da shi ka auna. A ce ka samu 15 da 22. In ka raba 15 da 22 za ka samu 0.68. A hoton da tsawon ledar ya kai fiksel 768, faɗinta ya kamata ya zama kusan 524. In ka auna ka samu 590, ledar ta yi ƙiba da kusan kashi 13 cikin 100, kuma in ka ja zanenka ya cika ta, tambari mai da'ira zai koma kamar ƙwai. Bambancin da bai wuce kashi 4 ko 5 ba ana iya gyara shi ta hanyar matse ledar kaɗan. Abin da ya wuce haka a sake. Rubuta `15 cm wide, 22 cm tall` a umarni ba ya tabbatar da komai, domin manhajar ba ta awo. Abin da ke aiki shi ne ka ba ta hoton samfurin da ka cika a matsayin abin koyi. A Stable Diffusion ana amfani da ControlNet, a zaɓi `depth` ko `canny`, sai ta bi zanen gefen samfurinka ta gina sauran hoton a kewayensa. Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace tabbas wajen samun siffa daidai.

In ka samu wanda ya kusa, riƙa sauya abu ɗaya a kowane gwaji. Ka tsayar da lambar `--seed` ɗaya domin hotunan su fara daga tushe guda, sai ka sauya haske kaɗai, ko kusurwa kaɗai. In ka sauya abubuwa uku a tare, ba za ka san wanne ne ya gyara ko ya ɓata ba. In kuma ɓarakar a wuri ɗaya take, misali zif ya karkace ko an yi tsage uku maimakon biyu, shafa wurin kawai ka sa a sake zana shi, kada ka jefar da hoton duka.

Yanzu ɗora zanen. Fara da ƙara girman hoton ninki 2 ko 4 kafin ka sa komai a kai. Wannan tsari yana da muhimmanci, domin manhajojin ƙara girma su ma suna ƙirƙirar abin da babu, kuma in ka bi da rubutunka ta cikinsu za su taɓa shi. Daga fayil ɗin maɗaba'a ka yanko fuskar gaba kaɗai, ka cire rarar milimita 3 da ake bari a gefe domin yanka, ka kashe layukan ninki da na yanka. Buɗe hoton a Photoshop ko Photopea, ka shigo da zanen a matsayin `Smart Object` domin in mai kaya ya nemi gyara ka sauya shi sau ɗaya ba tare da sake aiki ba. Daidaita kusurwoyinsa huɗu da na ledar, sannan ka yi amfani da `Warp` ka ɗan turo tsakiya, ka lanƙwasa ƙasa ya bi gindin. Ka tuna cewa wajen santimita 4 na ƙasan zanen suna karkata ne zuwa ƙarƙashi. Duk rubutun da ka sa a can, kamar nauyin kaya, zai matse ko ya ɓuya a bayan layin farashi. In hoton ya nuna maka haka, ya yi aikinsa: ɗaga rubutun a fayil ɗin asali.

Yanke zanen ya bi gefen ledar, sai ka mai da yanayin haɗinsa zuwa `Multiply`. Nan take inuwa da tamojin farar ledar za su bayyana a cikinsa. Domin layukan zanen su lanƙwasa su bi tamojin, kwafi hoton ledar, ka mai da shi baƙi da fari, ka ɗan dusashe shi, ka adana shi a matsayin fayil ɗin `PSD`, sannan ka bi `Filter > Distort > Displace` da lamba tsakanin 5 da 10. In ka wuce haka haruffa za su fara karkarwa.

Ga inda aikin masu yawa ke tsayawa bai ƙarasa ba. `Multiply` duhu kawai yake ƙarawa, ba ya iya ƙara haske. In zanenka mai launi mai haske ne, zai yi kyau haka nan. In kuwa ledar baƙa ce ko ruwan ƙasa mai duhu, kamar yadda ledojin kofi da yawa suke, za ta zama baƙin faci a shafe, babu tudu babu kwari. Maganin shi ne ka sake kwafin farar ledar, ka ɗora ta a saman zanen, ka yi amfani da `Levels` ka danne komai ya yi baƙi in ban da wuraren da haske ya fi bugawa, sai ka sa ta a `Screen` da ƙarfin kashi 20 zuwa 40. Leda mara ƙyalli tana son haske mai faɗi da laushi, mai ƙyalli kuma siriri mai kaifi. Daga ƙarshe ka ɗan dusashe zanen da kamar rabin fiksel, ka ƙara masa `Noise` kashi 1 ko 2, domin kaifinsa ya zo daidai da na sauran hoton. Wasu sukan mayar da hoton cikin manhajar AI a wannan mataki domin ta haɗe komai. In za ka yi haka, rufe fuskar zanen gaba ɗaya, ka bar ta ta taɓa gefe da inuwa kaɗai, da `Denoising strength` da bai wuce 0.3 ba.

Idan ana son leda uku a jere, kamar yadda ake jera kaya a shago, sa `three identical` a madadin `one`, ka auna kowace. Da wuya su zo daidai da juna, kuma in ka nemi fiye da uku adadin kansa yakan rikice. Kwafin leda ɗaya sau uku yana aiki, sai dai tamoji iri ɗaya sak suna tona asiri. Kada ka juya ɗaya hagu zuwa dama don ɓoye hakan, domin hasken ma zai juya.

Kwali ya fi leda sauƙi, domin fuskokinsa a miƙe suke. A umarni ka rubuta `blank white folding carton, tuck-end, three-quarter view` domin a ga gaba da gefe ɗaya. Abin dubawa a nan layuka ne: duk layukan tsaye su tashi a miƙe, layin sama da na ƙasa na kowace fuska kuma su nufi haɗuwa a wuri ɗaya in an tsawaita su. In ɗaya ya kauce, zanenka zai karkace duk yadda ka ja shi. Kowace fuska ka ɗora ta dabam da `Distort`, ka tabbata abin da ya ratsa daga gaba zuwa gefe ya haɗu a kan ƙurya.

Sitikar kwalba kuwa tana da lissafin da ya kamata ka sani. Kwalba mai kaurin santimita 7 zagayenta kusan santimita 22 ne. Rabi kawai ido ke gani daga gaba, wato 11, kuma gefe biyun suna matsewa har ba a iya karanta su. Kashi ɗaya cikin uku na zagayen, wajen santimita 7, shi ne ke karantuwa da kyau, kuma shi kaɗai yana cinye santimita 6 daga cikin 7 na faɗin da ake gani. Manhajojin AI sukan nuna suna mai tsawo ya fito duka a fuskar kwalba kamar a kan allo. Kai in za ka ɗora naka, yanko santimita 11 na tsakiya kaɗai, ka matse gefunan. In sunan kayan ya wuce santimita 7, mai saye zai ga farkonsa ko ƙarshensa ya matse ko ya zagaya baya, kuma gara mai kaya ya ga wannan tun a hoton gwaji.

Bakod kada ka taɓa barin wanda manhaja ta zana. Layuka ne kawai marasa ma'ana. Sa na gaskiya daga fayil ɗinka, a girmansa na gaskiya: EAN-13 a cikakken girmansa milimita 37.29 ne da 25.93, kuma ba a rage shi ƙasa da kashi 80 cikin 100. Sai launi. Hoton gwaji a RGB yake, hasken allo ne, maɗaba'a kuma da tawadar CMYK take aiki. Shuɗi mai ƙarfi, kore mai haske da ruwan lemo sukan dushe in an buga, musamman a kan takarda mai ruwan ƙasa ko leda mara ƙyalli. Kafin ka ɗora zanen, fitar da shi daga fayil ɗin CMYK ɗin da za a buga, ba daga zubin da ka ƙawata domin allo ba, kuma ka rubuta a ƙasan hoton cewa na ganin siffa da tsari ne, amincewa da launi sai an ga samfurin maɗaba'a.

Kafin ka tura wa mai kaya, ƙanƙantar da hoton a allonka har ledar ta zama kamar tsawon babban yatsa. Kusan haka mai saye zai hango ta daga 'yan mita kaɗan a cikin shago. A wannan girma ya kamata a iya karanta sunan kayan, a kuma gane cewa kofi ne ba tare da an matso ba. In sunan ya ɓace, ko launin ledar ya narke cikin na maƙwabtanta, koma fayil ɗin zanen ka ƙara girman sunan ko bambancin launinsa da na bayansa, sai ka adana. `Smart Object` ɗin zai sabunta hoton da kansa, ka sake dubawa a wannan ƙaramin girman.